Tuba Tana Farawa Daga Abin Da Ke Hannunka

Yau za mu tattauna kan tuba: sharuɗɗanta, sallar da ake yi dominta, da lafazin da ake neman gafara da shi. Abin da nake so in tabbatar shi ne, istigfari da raka'a biyu suna da girma ƙwarai, amma suna aiki ne a kan tubar da zuciya da hannu suka riga suka fara. Wanda ya riƙe haƙƙin wani a hannunsa yana jan carbi, bai kai ga tuba ba tukuna, ko da muryarsa ta dishe.

Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure ya san cewa littafin Ahalari, wanda ake fara koyon tsarki da salla da shi, bai shiga babin alwala ba sai da ya gabatar da zancen tuba. Wannan jeri yana da ma'ana. Malamin ya kawo sharuɗɗa uku, su ne kuma Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya kawo a Riyadus Salihina: mutum ya yi nadamar abin da ya wuce, ya bar saɓon nan take idan yana cikinsa, ya kuma ƙudurta cewa ba zai koma ba. Nawawi ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi ɗan Adam, wato a sauke haƙƙin mai haƙƙi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ma ta sanya mayar da kayan zalunci cikin jikin tuba. Ku lura, a cikin waɗannan huɗun babu ko ɗaya da ake yi da harshe. Nadama da ƙuduri aikin zuciya ne, barin saɓo da mayar da haƙƙi kuwa aikin gaɓoɓi ne.

Nadama ita ce uwa, shi ya sa a hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda Ahmad da Ibnu Majah suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira nadama da sunan tubar kanta. Sai dai ba kowace cizon yatsa ce nadamar da ake nufi ba. Ɓarawon da aka kama yana da-na-sani, mashayin da hantarsa ta kumbura yana da-na-sani, wanda asirinsa ya tonu a unguwa shi ma haka. Amma abin da ke cin ransu shi ne kamun, da ciwon, da kunyar. Hanyar da mutum zai gwada kansa mai sauƙi ce: ya tambayi zuciyarsa, da a ce ba wanda ya sani, ba abin da ya same ni, kuma ƙofar tana buɗe gobe, zan so a ce ban aikata ba? Idan amsar ita ce e, saboda Allah ya gani, to nadama ta samu. Idan kuwa tuna abin yana sa shi murmushi a ɓoye, yana ba abokai labarinsa a majalisa da daɗin baki, to da sauran aiki. Ba a sharɗanta hawaye ba. Akwai mai kukan da bai yi nadama ba, akwai kuma mai busasshen ido da zuciyarsa ta ƙone.

Game da lokaci, maganar gajeriya ce. Aya ta 17 da ta 18 a Suratun Nisa'i sun nuna cewa ba a karɓar tubar wanda ya ci gaba da saɓo har mutuwa ta tsaya a kansa, hadisin Ibnu Umar a Tirmizi kuma ya sanya iyakar a gargarar mutuwa. Ga duniya baki ɗaya, ƙofar tana rufewa ranar da rana ta fito daga yamma, kamar yadda ya zo a Muslim. Tsakanin yanzu da can, tuba wajiba ce nan take, jinkirta ta kuma wani laifi ne na daban da shi ma yake buƙatar tuba. Ahalari ya tsananta a kan mai cewa zai jira sai Allah ya shirye shi, ya ɗauki wannan magana alamar taɓewa. Irinta ce maganar mai cewa sai ya yi aure, ko sai ya je Makka, ko sai azumi ya zo.

To, mu bar ƙa'ida mu shiga kasuwa, domin a nan ne ake gane ko sharaɗi na huɗu ya zauna. Mu ƙaddara wani mai awon hatsi, ba wani sananne nake nufi ba, misali ne kawai. Yana da tiya biyu. Wadda yake saye da ita daga hannun manoma cikakkiya ce, wadda yake sayarwa da ita kuwa an bubbuga gindinta ya shige ciki, ta yadda duk tiya ashirin da ya auna, ɗaya ta rage a buhunsa. Wannan shi ne ainihin laifin da Suratul Muɗaffifina ta buɗe da shi, mai cika mudu idan zai karɓa, mai tauyewa idan zai bayar. Shekara uku yana haka, sai wata rana wa'azi ya ratsa shi, ya koma gida jikinsa a sanyaye. Me zai yi?

Abu na farko, kafin alwala da shimfiɗa darduma, shi ne tiyar nan ta bar rumfa. Ya fasa ta ko ya lanƙwasa ta yadda ba za ta sake awo ba. Kada ya ajiye ta ƙarƙashin benci, kada kuma ya sayar wa maƙwabcinsa, domin wanda ya ɓoye kayan aikin saɓo yana gaya wa kansa cewa wataƙila a sake buƙatarsu, kuma wannan ya rushe ƙudurin da ake nema. A hadisin mutumin da ya kashe rai 99 sannan ya cika 100, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya ga cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma wurin mutanen kirki. Ana raba mai tuba da abin da ke jan sa. Ga wani lambar waya ce zai goge, ga wani majalisa ce zai daina zama, ga mai awonmu kuwa tiya ce.

Abu na biyu lissafi ne, kuma a nan mutane da yawa suke ja da baya. A ce yana sayar da tiya 40 a rana. Ɗaya cikin ashirin na wannan tiya 2 ce. Idan yana fita kasuwa kwana 300 a shekara, ya tara tiya 600, wato buhu 15 idan buhu yana cin tiya 40. A shekara uku, buhu 45 na hatsin mutane ya shiga dukiyarsa. Abin da yake gani ɗan cikin tafin hannu ne a kowane awo, ga inda ya kai. Ba a neman ya tuna kowace rana daki-daki, domin Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ana neman ya yi kirdado na gaskiya, inda ya yi shakka kuma ya karkata ga abin da ya fi yawa, don ya fita da yaƙini. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, abin da ake aunawa da mudu ko sikeli ana biyan sa da irinsa, gero da gero, masara da masara. Saboda haka ba zai ce lokacin da ya tauye hatsi yana da araha, bari ya biya da tsohon farashi ba. Hatsi ya ci, hatsi zai mayar, ko kuɗinsa idan mai haƙƙin ya yarda.

Sai a raba masu haƙƙin gida biyu. Akwai waɗanda ya sani. Ga wata mai tuwon sayarwa da ke aiko yaro kullum ya auno mata tiya 5. Rubu'in tiya take asara kowace rana, tiya 75 a shekara, tiya 225 a shekara uku, wato buhu 5 da tiya 25. Wannan mata tana raye, ya san gidanta, don haka babu wata sadaka da za ta tsaya a madadin mayar mata da abinta. Idan ta rasu, haƙƙin ya koma kan magadanta, kowa da rabonsa. Shin dole ne ya gaya mata abin da ya faru? Abin da ya fi tsabta shi ne ya faɗa mata ya nemi yafiya. Amma malamai da dama sun ce abin da ake nufi shi ne dukiyar ta isa hannun mai ita, don haka idan yana tsoron fitina ko tonon asirin da zai haifar da ɓarna mafi girma, zai iya aika mata ta hannun amintacce, a ce haƙƙinta ne da wani ya riƙe. Abin da bai dace ba shi ne ya kai mata da sunan kyauta, ta yi ta godiya tana sa masa albarka, har ta ji nauyin ramawa, ya ci riba biyu a kan abin da nata ne tun asali.

Sai gida na biyu, masu wucewa da suka auna sau ɗaya suka tafi, waɗanda ba zai taɓa gane su ba. Bayan ya cire na waɗanda ya sani, ragowar sai ya bayar sadaka ga mabuƙata da niyyar ladan ya tafi ga masu hatsin. Shi ba sadaka ya yi ba, sauke kaya ya yi. Kada ya lissafa shi cikin zakkarsa, kada ya sa a yi shela da sunansa a masallaci, kada ya ciyar da iyalinsa da shi ya ce ai su ma mabuƙata ne alhali yana da hali. Idan daga baya wani mai haƙƙi ya bayyana, a ba shi zaɓi, ko ya yarda da sadakar ladan ya zama nasa, ko a biya shi ladan ya koma ga mai awon.

Idan kuma buhu 45 ya fi ƙarfin jarinsa fa? Tubarsa ba ta jira sai ya gama biya. Tana inganta tun ranar da ya daina, ya yi nadama, ya ɗauki abin a matsayin bashi a wuyansa. Ya fara da abin da ya sawwaƙa, ko buhu ɗaya a wata ne, ya rubuta ragowar a takarda, ya sanar da wani amintacce ko ya sanya a wasiyyarsa, domin bashi ana fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado. Bambancin wanda ya kasa da wanda ya ƙi a bayyane yake. Wanda ya kasa yana rage cefanensa don ya biya. Wanda ya ƙi yana cewa babu hali, sannan ya sauya babur.

Na san wani zai ce, malam, ka tsananta. Allah ba Gafurun Rahimun ba ne? Aya ta 53 a Suratuz Zumar ba ta hana yanke ƙauna ba, ta kuma ce Allah yana gafarta zunubai gaba ɗaya? Haka ne, kuma duk mai wa'azin da ya sa bawa ya fid da rai daga rahamar Ubangijinsa ya yi ɓarna. Amma a karanta ayar da ke biye da ita, za a ga umarni ne na komawa ga Allah da miƙa wuya kafin azaba ta zo. Sannan shi Manzon da ya zo da wannan ayar shi ne ya ba mu labarin matsiyacin gaskiya a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito: mutum zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su, idan ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Shi ne kuma ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Idan jinin shahada bai wanke bashi ba, ina ga raka'a biyu? Dalilin kuwa adalci ne. Allah yana yafe haƙƙinsa don shi mawadaci ne, amma mai tuwon nan tana da nata haƙƙin, kuma rahamar da mai awo yake fata ita ma tana fatan ta. Rahamar da za ta wanke azzalumi ta bar wanda aka zalunta hannu wofi, ai ta zama zalunci na biyu, Allah kuwa ya haramta wa kansa zalunci.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da take neman zama mafaka. Idan azumi ya gabato, ko mutum zai tafi aikin hajji, ko ana sallama bayan taro, sai a ce a yafi juna, kowa ya amsa da cewa ya yafe duniya da lahira. Wannan yana wanke ƙananan abubuwan zaman tare, kallon banza da gatsali da maganar da ta kuɓuce. Amma mutumin da ya cinye gadon ƙannensa mata, ko ya riƙe kuɗin adashin mutane, sannan ya tura musu saƙon waya na neman afuwa a dunƙule, ya san da sun san girman abin da ba za su amsa da sauƙi ba. Malamai sun saɓa kan ingancin yafe abin da mai yafewar bai san adadinsa ba. Ko a wajen waɗanda suka inganta, dukiyar musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ƙanwar da aka tara wa dattawa, aka ce ki yafe wa yayanki mana, ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe don kunya, bakinta ne ya yafe. A ajiye mata gonarta a gabanta tukuna, ta san tata ce, in ta ga dama ta bayar.

Haƙƙin da ba na dukiya ba ya fi wuyar sha'ani. Wanda ya yi gulmar ɗan'uwansa, idan maganar ta kai kunnen mutumin, sai ya je ya ba shi haƙuri. Idan ba ta kai ba, malamai irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suna ganin kada a je a tayar masa da hankali da abin da bai ji ba. A nema masa gafara, a kuma faɗi alherinsa a majalisar da aka ci namansa. Wanda kuwa ya yi ƙazafi ko ya yaɗa ƙarya, gyaransa shi ne ya ƙaryata kansa a inda ya yaɗa, gwargwadon yadda ya yaɗa, kamar yadda aya ta 160 a Suratul Baƙara ta haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa ga masu ɓoye gaskiya. Laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa kuma, wanda Allah ya rufa masa asiri a kai, kada ya tona kansa. A musulunci ba a zuwa gaban wani malami a zayyana masa zunubi don ya yafe, kuma hadisi a Buhari da Muslim ya yi kashedi ga mai kwana cikin rufin asirin Allah ya wayi gari yana ba da labari. Sai dai idan farilla ce ya bari, kamar salla ko azumi ko zakka, ramuwa tana cikin tubarsa a mazhabobin nan huɗu.

Yanzu sai sallar tuba. Asalinta hadisi ne da Sayyidina Aliyu ya karɓo daga Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Tirmizi kuma ya kyautata shi. Aliyu ya ce al'adarsa ce idan wani ya ba shi hadisi sai ya rantsar da shi, amma wannan Abubakar ne ya ba shi, Abubakar kuwa mai gaskiya ne. Abin da hadisin ya ƙunsa shi ne, duk bawan da ya yi zunubi, ya tashi ya kyautata tsarki, ya yi salla raka'a biyu, sannan ya nemi gafarar Allah, Allah zai gafarta masa. Yadda ake yin ta ke nan, babu ƙari. Alwala cikakkiya, niyya a zuci, raka'a biyu irin na kowace nafila da Fatiha da abin da ya sawwaƙa, sallama, sannan istigfari. Ba ta da kiran salla ko iƙama, ba a yin ta cikin jam'i, ba a keɓe mata wata sura ko wani dare ba. Duk takardar da ka gani tana cewa sai an karanta sura kaza ƙafa kaza, wannan adadin bai zo a hadisin ba. Mace da namiji duk ɗaya ne, sai dai mai haila za ta tuba da zuciya da harshe nan take, ba ta jira sai ta yi tsarki, domin sallar mustahabbi ce, tubar ita ce wajiba. Game da lokaci, a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi ba a yin nafila bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, da bayan la'asar har a yi magariba, don haka wanda abin ya same shi a lokacin sai ya tuba a take ya jinkirta sallar. Shafi'iyya suna sauƙaƙawa ga sallar da take da dalili.

Ga inda hujjata take a cikin hadisin kansa. Bayan Manzon Allah ya faɗi wannan falala, sai ya karanta aya ta 135 a Suratu Ali Imrana, wadda take yabon waɗanda idan sun yi alfasha ko sun zalunci kansu suke tuna Allah su nemi gafara. Ƙarshen ayar ya sifanta su da cewa ba sa dogewa a kan abin da suka aikata suna sane. Ashe sharaɗin yana cikin alkawarin. Mai awon da ya yi raka'a biyu da dare, da safe ya ɗauko tsohuwar tiyarsa, mai dogewa ne, ayar ba ta rufe shi ba. Wanda ya fasa tiyar ya zauna ya yi lissafi, shi ne sallar za ta yi wa amfani, domin alwalar tana sanyaya shi, tsayuwar tana tattara hankalinsa, sujadar kuma tana sa shi a inda bawa ya fi kusa da Ubangijinsa lokacin da zai yi roƙo.

Wani kuma matsalarsa daban ce. Zai ce, ni na san halina, na tuba sau goma na koma, in sake tuba ai wasa nake da Allah. Wannan tunani yana kama da tsoron Allah, amma ƙarshensa shi ne a zauna cikin saɓo ba tare da ko nadama ba, abin da Shaiɗan yake so ke nan. Sharaɗin shi ne ƙudurin rashin komawa a lokacin tubar, ba a ce sai ka ba da tabbacin gobe ba, domin ba wanda ya mallaki gobe. Hadisin ƙudusi a Buhari da Muslim ya ba da labarin bawan da ya yi zunubi ya nemi gafara, ya sake ya nema, ya sake ya nema, kowane karo Allah yana gafarta masa saboda ya san yana da Ubangiji mai gafara mai kuma kamawa. Komawa ba ta ɓata tubar da ta gabata, sabon laifi ne mai neman sabuwar tuba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya zame da wanda ya shirya. Mai zamewa ya toshe hanya, sha'awa ta rinjaye shi ta wata kafa, sai ya tashi ya toshe ita ma. Mai shiri kuwa yana istigfari alhali ya riga ya sa ranar komawa. Idan ka ga kana faɗawa rami ɗaya ta hanya ɗaya, duba hanyar, akwai abin da ba ka fasa ba.

Sai lafazi. Mafi gajarta shi ne astagfirullah, ma'ana ina neman gafarar Allah, shi ne kuma Manzon Allah yake faɗa sau uku bayan sallame kowace salla, kamar yadda Saubanu ya ruwaito a Muslim. Sai astagfirullaha wa atubu ilaihi, wanda ya ƙara da cewa ina tuba zuwa gare shi. An ruwaito a Buhari cewa Annabi yana neman gafara yana tuba fiye da sau 70 a yini, a Muslim kuma sau 100, shi da aka gafarta masa abin da ya gabata da wanda zai zo. Wannan ƙarin na cewa ina tuba labari ne mutum yake bayarwa game da kansa, shi ya sa wani daga magabata, Rabi'u ɗan Husaim, ya ji tsoron kada mai faɗinsa ya zama maƙaryaci idan bai tuba ba, ya fi son a roƙa a ce Allah ya gafarta ya karɓi tuba. Nawawi bai yarda a hana lafazin ba tunda ya tabbata a sunna, amma tsoron na Rabi'u abin a riƙe ne. Akwai addu'ar Annabi Adamu da Hauwa'u a aya ta 23 ta Suratul A'arafi, da ta Annabi Yunusa a cikin kifi a aya ta 87 ta Suratul Anbiya'i. Dukansu biyu suna ɗauke da amsa laifi ƙarara, babu ɗora wa Shaiɗan, babu ɗora wa ƙaddara.

Mafi girman lafazi shi ne wanda ake kira sayyidul istigfari, shugaban neman gafara, hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Buhari. Yana cikin littattafan azkar na safiya da maraice, kowa ya nemi malami ya gyara masa karatunsa. Abin da nake so a lura da shi tsarinsa ne. Bawa yana farawa da shaida cewa Allah ne Ubangijinsa, babu abin bautawa sai shi, shi ya halicce shi. Sannan ya ce yana kan alkawari gwargwadon ikonsa, ya nemi tsari daga sharrin abin da ya aikata, ya amsa ni'imar da aka yi masa, ya amsa zunubinsa. Sai a ƙarshe roƙon gafara ya zo. Roƙon jimla ɗaya ce, duk abin da ya gabace ta iƙirari ne. Falalar da aka faɗa, cewa wanda ya karanta da safe ya mutu kafin yamma, ko da dare ya mutu kafin safiya, yana cikin 'yan Aljanna, an ɗaure ta da sharaɗin ya faɗa yana mai yaƙini da abin da yake faɗa. Yaƙini kuwa ba ya samuwa ga wanda bai san ma'anar ba.

Saboda haka wanda bai iya Larabci ba kada ya tsaya. Bayan ya sallame, ya ɗaga hannu ya yi magana da Ubangijinsa da Hausa, ya kira laifin da sunansa tunda ba mai ji sai wanda ya riga ya gani. Mai awonmu zai iya cewa, ya Allah, na tauye wa bayinka mudu shekara uku ina sane, ba ni da wani uzuri, na daina, ka gafarta mini, ka ba ni ikon mayar wa kowa abinsa, wanda ban gane ba ka isar masa da ladan abin da zan bayar. Ya yanke roƙon, kada ya ce ka gafarta mini in ka so, domin Annabi ya hana wannan lafazi, ya ce a ƙudurta roƙo tunda babu mai tilasta Allah. Idan gari ya waye kuma, ya sayi sabuwar tiya, ya gwada ta da ta amintaccen mai awo a gaban idonsa, ya auna tiya 25 ɗin farko ya aika gidan mai tuwo.